Batir ɗin 200Ah da ke ƙarewa kafin a tashi wasa ɗaya

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina da gidan kallon ƙwallo a Zariya. Wata biyu da suka wuce na sayi batir na ruwa, an rubuta 12V 200Ah a jikinsa, na haɗa da inbata. Kayana talabijin biyu ne, da dikoda, da lasifika, da fankar sama guda 6, duka wat 600. A lissafina 12 sau 200 ya ba da 2400, in an raba da 600 ya kamata in samu awa 4, wato wasa biyu. Amma awa 1 da minti 50 inbata take fara kuka ta ɗauke. Cutata aka yi, ko yaya abin yake?

Amsa: Malam, barka kadai. Daga abin da ka zayyana, ban ga alamar an cuce ka ba, aƙalla ba a wannan lissafin ba. Awa 1 da minti 50 ɗin nan kusan shi ne abin da lafiyayyen batir na dalma zai ba ka in ka ɗora masa wannan nauyi. Akwai hanyar tabbatarwa, zan zo kanta, amma fara komawa jikin batir ɗin ka duba kusa da 200Ah. Za ka ga wani ƙaramin rubutu, C20, ko 20HR. A wannan ɗan rubutun duk maganar take.

Ma'anarsa ita ce, masu ƙera batir ɗin sun cika shi, suka riƙa zuƙarsa a hankali da amfiya 10, ya yi awa 20 kafin ya sauko bolt 10.5. Amfiya 10 sau awa 20, shi ne 200. Iyakar alkawarin da suka yi ke nan. Ba su ce zai ba da amfiya 200 na awa ɗaya ba, ba su kuma ce zai ba da amfiya 60 na awa uku da 'yan kai ba. Mu ne muke ƙara wannan da kanmu, saboda muna ɗaukar batir kamar randa: in tana cin tulu goma, ko da moɗa ka ɗebe ko da bokiti, tulu goma za ka samu. Batir na dalma ya fi kama da rijiya a ƙarshen rani. In mutum ɗaya ke jefa guga jefi-jefi, zai wuni yana samun ruwa, don ruwan yana tsattsafowa daga ƙasa daidai da yadda ake ɗibansa. In mata shida suka taru da guga shida a lokaci guda, kafin ka ce kwabo guga ya fara ɗebo taɓo. Ruwan bai ƙare a ƙasa ba, idon rijiyar ne bai iya kawo shi da saurin da ake nema.

To bari mu leƙa cikin rijiyar. Batir mai bolt 12 ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan wani abu. A cikin kowane ɗaki akwai farantai iri biyu da aka jera a tsaye, ɗaya na dalma mai laushi kamar soso, ɗaya na wata dalmar mai launin ƙasa-ƙasa wadda ta haɗu da iskar oksijin, dukansu a nutse cikin ruwan asid. Farantan nan ba lafiyayyen ƙarfe ba ne mai santsi. Cike suke da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma yawancin aikin a can cikin ƙofofin ake yinsa, ba a bayan farantin ba. Duk sanda ka ja wuta, asid ɗin da ke cikin ƙofofin yana haɗuwa da dalmar ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet, a gefen faranti mai alamar + kuma har ruwa tsagwaro ke samuwa, ya ƙara tsinka ɗan asid ɗin da ya rage a wurin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, asid ɗin ba hanya ce kawai da wuta ke bi ba. Cinye shi ake yi. Kowane Ah ɗaya da ka ja yana cin kimanin giram 3.7 na zallar asid a kowane ɗaki. Ƙofofin faranti ba sa iya riƙe asid ɗin da zai isa, mafi yawansa yana waje ne, tsakanin farantai da samansu, sai ya ratso ciki a hankali. A kan amfiya 10, kowane ɗaki yana neman giram 37 a awa, kuma ratsowar tana iya biyan wannan. A kan amfiya 60, abin da ake nema ya koma giram 220 a awa, ta ƙofofin nan dai da ba su ƙara faɗi ba. Sai cikin farantin ya koma kusan ruwa alhali a wajensa asid na nan da ƙarfinsa. Bolt ɗin ɗaki kuwa yana bin ƙarfin asid ɗin da ke taɓa dalmar ne, ba wanda ke yawo a waje ba. Shi ya sa bolt ke faɗuwa tun dalmar ba ta gama aiki ba.

Akwai abu na biyu da ke ƙara dagula wannan. Salfet ɗin da ke samuwa ya fi dalmar da ya fito daga cikinta cin wuri, kusan ninki biyu a faranti mai +, fiye da haka ma a ɗayan, kuma ba ya wuce da wuta. In ana ja a hankali, yana samuwa ne ko'ina, ciki da waje, daidai wa daida. In ana ja da ƙarfi, a bakin ƙofofin yake taruwa, inda asid ya fi kusa, ya ƙuntata hanyar da sabon asid zai shiga. Ka taɓa ganin ƙosan da aka jefa cikin man da ya yi zafi fiye da ƙima? Bayansa ya yi baƙi, cikinsa ƙullu. Haka farantin batir ɗinka yake a daidai lokacin da inbata ta fara kuka: bayansa ya rufe da salfet, cikinsa da sauran dalmar da ko taɓa ta ba a yi ba.

Na ukun shi ne turjiya. Komai da wuta ke bi ta cikinsa yana ɗan turje mata, har da shi kansa batir. A babban batir irin naka turjiyar 'yar kaɗan ce, mu ƙaddara miliyom 5, wato kashi 5 cikin dubu na om ɗaya, ma'aunin turjiya. A kan amfiya 10, wannan bolt 0.05 kawai yake ragewa, ba wanda zai lura. A kan amfiya 60 ya zama 0.3, kuma yana ƙaruwa yayin da asid ke tsinkewa. Turjiya ba ta cinye amfiya, zafi take mayar da wani ɓangare na ƙarfin, amma tana matso da kai kusa da layin 10.5 tun daga minti na farko.

Wannan hali na batir an daɗe da saninsa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya auna shi ya fitar da ƙa'idarsa a 1897, kuma har yau da ita muke aiki:

```
t = H × (C ÷ (I × H))^k
```

A nan t shi ne awannin da za ka samu, H awannin da aka auna batir da su (20 a naka), C abin da aka rubuta (200), I amfiyar da kake ja, sai k, lambar da ke nuna yadda batir ke jin jiki in an matsa masa. Da k zai zama 1 cif, da batir randa ne. A batir na dalma yakan faɗa tsakanin 1.1 da 1.3. Rufaffun nan da ba a zuba musu ruwa, irin AGM, sukan zauna a ƙasa-ƙasa, na ruwa masu kaurin faranti a sama-sama, kuma k yana hawa in batir ya tsufa.

Yanzu mu bi awanninka huɗu mu ga inda suka zube.

Wat 600 ɗinka a bakin inbata ne, gefen da kayanka suke. Ita kanta inbatar tana cin nata rabon, ta mayar da shi zafi, shi ya sa take da 'yar fanka a ciki. In muka ce tana fitar da kashi 85 cikin 100 na abin da ta karɓa, to daga batir tana jan wat 700 da 'yan kai. Raba da bolt 12, ka samu kusan amfiya 60. Tun a nan, ko da batir randa ne, 200 a raba da 60 awa 3 ne da minti 20. Minti 40 sun tafi, kuma ba laifin batir.

Amfiya 60 ninki shida ne na amfiya 10 da aka yi maka alkawari a kai. Mu ɗauki k a 1.25, wanda ya dace da batir na ruwa:

```
t = 20 × (200 ÷ (60 × 20))^1.25
t = 20 ÷ 9.39 = 2.13
```

Awa 2 da minti 8 ke nan. Sau amfiya 60, Ah 128 ka samu daga cikin 200. A nan ne babbar asarar take, awa guda da minti 12 a tashi ɗaya. Ko da mun sassauta mun ce k ɗin 1.2 ne, awa 2 da minti 20 ne, Ah 140.

Saura minti 18 ko 20 tsakanin wannan da abin da ka gani da idonka, kuma na san inda zan neme su. Na farko, inbata ba amfiya take riƙewa ba, wat take riƙewa. Yayin da bolt ke sauka sai ta ƙara ja don ta cike giɓin: wat 700 a bolt 12 amfiya 58 ne, a bolt 11 kuwa 64. Wato daidai lokacin da batir ya fara gajiya ake ƙara masa kaya. Na biyu, waya. Inbata ba ta ganin bolt ɗin da ke kan batir, wanda ya iso bakinta take gani. In an haɗa maka da waya mai kaurin murabba'in milimita 10, tsawon mita 2 zuwa da mita 2 dawowa, a kan amfiya 60 za ta ci bolt 0.4. Batir yana 10.9, inbata tana ganin 10.5, ta ɗauke. Da mai kaurin 35 ce, asarar ba za ta wuce 0.12 ba. Wasu inbatocin ma tun a bolt 11 suke fara kuka.

Wannan na waya na sha ganinsa. An taɓa kirana wani shago, maigidan ya riga ya yi rantsuwa cewa batir ɗin jabu ne, har ya ɗauko rasit zai koma kasuwa. Na ce a kunna komai mu jira. Bayan minti 20 na kai hannu kan notin da ke kan batir, sai da na janye, zafi rau. Wanda ya yi haɗin bai sa kan waya na kirki ba, murɗa silin wayar kawai ya yi ya danne da noti, rabinsu ma a waje, sun yi kore. Mita ta nuna 12.1 a kan dalmar batir, 11.4 a bakin inbata. Muka yanke, muka sa kai, muka goge da sanfefa, muka ɗaure. Daren ranar ya kira ni yana dariya. Kai ma ka yi wannan: kayanka na aiki, ka auna a kan batir, ka auna a bakin inbata. In bambancin ya wuce 0.2 ko 0.3, da sauran gyara a tsakani.

Don kada ka ce lissafin takarda ne kawai, ga alƙaluman da wani kamfani ya buga da kansa. Batir ɗin Trojan T-105, mai bolt 6, wanda ake sawa a ƙananan motocin filin golf da kuma haɗin sola, an rubuta masa Ah 225 a kan awa 20. A takardarsa, in an zuƙe shi cikin awa 5, Ah 185 ne. In an ja amfiya 75, minti 115 yake yi, wato kusan Ah 144. In kuma an lallaɓa shi awa 100, har 250 yake bayarwa. Batir ɗaya, lamba huɗu daban-daban, kuma kowacce gaskiya ce. Daga irin wannan takarda ake ciro k: ka ɗauki layi biyu ka gwama. Tsakanin awa 20 da awa 5 yana fitowa 1.16, tsakanin awa 20 da amfiya 75 kuma 1.24. Ka ga ko k ɗin ma ba tsayayye ba ne, yana ƙaruwa in ja ya yi tsanani. Don haka ƙa'idar Peukert ta kintace ce mai kyau, ba agogo ba. In takardar batir ɗinka tana da jadawalin awanni, jadawalin ya fi ƙa'idar.

Wannan kuma yana nuna maka wata dabarar kasuwa. Batir biyu na iya ɗaukar 200Ah iri ɗaya a jikinsu su bambanta sosai. Wanda aka rubuta wa C10 ya ba da 200 ɗinsa cikin awa 10, a kan amfiya 20, saboda haka in an auna shi a awa 20 zai kai wajen 230. Wanda aka rubuta wa C100 kuwa, 200 ɗinsa a lallaɓe aka samo, a ma'aunin awa 20 ba zai kai ba. In mai shago ya ce maka "duk 200 ne", ka ce ya nuna maka C ɗin. Wanda babu C ko kaɗan a jikinsa, ni ba na sayensa.

To ina Ah 72 ɗin da ba ka samu ba suka tafi? Yawancinsu suna nan cikin batir. Ka gwada da kanka: in inbata ta ɗauke, kashe komai, ka auna. Za ka ga bolt yana hawa a gaban idonka, 11.3, 11.6, 11.8, bayan awa guda ya tsaya wajen 12. Ba caji ya samu daga ko'ina ba, asid ne ya samu sararin ratsawa cikin farantai, rijiya ta tsattsafo. In a lokacin ka kunna ƙwai biyu da fanka ɗaya, za su yi awanni. Duk direban da motarsa ta taɓa ƙin tashi ya san wannan ba tare da an koya masa ba: in kik ya yi sanyi, sai a bar shi minti biyar, a sake murɗawa, ya ɗan yi ƙarfi.

Daga nan wani abu ke fitowa da yawancin masu haɗin inbata suke juya shi baibai. Bolt 10.5 ba ma'anarsa ɗaya ba ce a kowane hali. In kana jan amfiya 60 ka kai 10.5, batir bai kwashe ba, kusan kashi 64 cikin 100 aka ci. In ƙwai uku ne kawai ka bari suna ci har ya kai 10.5, to ya kwashe tas har ƙasa, kuma wannan ya fi yi masa illa. Shi ya sa batiran UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, da ake zuƙewa cikin 'yan mintuna, ake barinsu su sauka har bolt 1.6 a ɗaki, amma mai ja a hankali ake tsayar da shi da wuri. Don haka kada ka ce tunda da saura bari in tatse shi bayan an tashi wasa. Kuma kada ka bari wani ya sauke maka lambar ɗaukewar inbata don ka samu ƙarin minti goma. A ƙarshen nan bolt gangarowa yake kamar dutse daga tudu, abin da za ka samu kaɗan ne, farantai kuma su biya.

Yanzu ga yadda za ka raba gardama, ko halin batir ne ko kuwa da gaske ba shi da 200. Hanya ɗaya ce: ka auna shi a kan sharaɗin da aka yi maka alkawari. Cika shi sosai, har caja ta sauko ta zauna, ka cire shi ya huta awa uku ko huɗu. Ya kamata ka ga 12.6 zuwa 12.8. Samo ƙwan fitilar gaban mota guda biyu masu wat 55, ka haɗa su kai tsaye a kan batir, ba ta inbata ba. Su biyun suna jan kimanin amfiya 9. Rubuta lokaci, ka riƙa aunawa duk awa, in ya sauko 11.5 ka koma duk minti 15, ka tsaya cak a 10.5. Batir mai Ah 200 na gaskiya zai yi wajen awa 21 zuwa 22. In ya yi 19 ko 20, ba komai, sabon batir na ruwa yakan ɗauki zagaye da dama kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. In ya kasa kai 17, ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100, wanda a wurin masu sana'ar nan shi ne batir ya tsufa, kuma ga batir ɗan wata biyu wannan hujja ce da za ka iya komawa da ita. Ka sa shi a caji nan take bayan gwajin, kada ya kwana a kwashe, kuma ka yi a wuri mai iska, ba kusa da wuta ko taba ba, don batir na ruwa yana fitar da iska mai kamawa in yana caji. Gwajin nan sau ɗaya ake yi, ba abin maimaitawa duk mako ba ne.

Ka lura da yadda bolt ke sauka, ba awannin kaɗai ba. Lafiyayyen batir a hankali yake gangarowa. In ka ga yana 12.2 sai kwatsam ya faɗo wajen 10, to ɗaki ɗaya ne ya mutu, kuma ma'aunin ruwan batir, ɗan bututun gilashin nan mai roba a kai, zai nuna maka wanne: biyar suna wajen 1.250, ɗaya yana can ƙasa. Sikeli ma yana magana. Dalma ce ke riƙe wuta, dalma kuwa nauyi gare ta. Batir mai bolt 12 da Ah 200 na kirki yakan kai kilo 55 zuwa 65. In yaro ɗaya ya ɗauke shi ya ɗora a kan babur ba nishi, ka san inda aka rage.

Akwai wani ɓarawon da nake zargi a gidajen kallo fiye da jabun batir, shi ne rashin cika. Ah 128 da ka ja ranar Asabar, sai ka mayar da wajen 145 kafin batir ya koma yadda yake, don caji ma yana da tasa asarar. In cajar inbatarka amfiya 15 take bayarwa, awa 10 ke nan, kuma ya fi haka, domin kashi na ƙarshe a hankali yake shiga. In wutar awa 5 aka kawo a daren, ranar Lahadi da batir rabi-da-rabi ka buɗe, ko da fitilar inbata ta nuna kore. Sai ka ga jiya ya kai ƙarshen wasa, yau ya mutu ana dawowa hutun rabin lokaci. In aka jima a haka, salfet ɗin da ba a narkar ba yana daskarewa, ƙofofin faranti su ƙara tsukewa, k ya hau, batir ɗan wata shida ya koma yana abu irin na ɗan shekara uku. Zafin ɗaki ma haka: an auna batir a wajen digiri 25, a zafin Afrilu yana ɗan ƙara bayarwa, amma rayuwarsa yake ci, kusan rabi a kan kowane ƙarin digiri 10. Kada ka ajiye shi a lungun da kwanon rufi ke gasawa.

Mafita kuwa tana cikin ƙa'idar da ta cuce ka, don tana aiki ta kowane ɓangare. In ka rage amfiyar da kowane batir ke bayarwa zuwa rabi, abin da za ka samu ya fi ninki biyu. Ƙara batir na biyu irin wannan, kowanne ya koma ba da amfiya 30, lissafin ya ba da awa 5 da 'yan mintuna, ba awa 4 da kwata ba, saboda kowanne yanzu Ah 152 yake fitarwa maimakon 128. In za ka yi haka, na fi son ka jera su su ba da bolt 24 ka sauya inbata mai 24, da ka haɗa su gefe da gefe a kan 12. Awannin kusan ɗaya ne, amma amfiyar da ke bin waya ta ragu da rabi, matsalar zafin waya da faɗuwar bolt ta yi sauƙi. Ka yi shi yanzu tun na farkon bai tsufa ba, kuma kamfani ɗaya, girma ɗaya. Sabo da tsoho in an haɗa su, tsohon ne ke jan sabon ƙasa.

Amma da ni ne, kafin in sayi batir zan ɗaga kai in kalli silin. Fankar sama ta da tana cin wajen wat 70, shida ke nan wat 420 daga cikin 600 ɗinka. Talabijin ɗin da mutane suka biya kuɗi don su kalla ba su ne ke kashe maka batir ba. In ka sauya su da fankoki masu cin wat 30, nauyinka ya sauko 360, ja ya koma amfiya 35, batir ɗin nan guda ɗaya da kake zargi zai yi awa 4 da minti 10 a lissafi. Wasa biyu ke nan, amma da ƙyar, kuma kana kai shi bango kowane dare, abin da batir na dalma ba ya jurewa. An fi so kada a riƙa wuce rabinsa. In ka haɗa biyun, sabbin fankoki da batir na biyu, kowanne amfiya 18 zai riƙa bayarwa, wasa biyu su ci Ah 70 daga kowanne, kashi 35 cikin 100, kuma cajar da ta dace za ta iya mayar da wannan kafin washegari.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar batir ɗin babbar mota don ya fi araha. An ƙera shi da farantai sirara masu yawa don asid ya isa ko'ina nan da nan, shi ya sa yake iya ba da ɗaruruwan amfiya na 'yan daƙiƙu, amma siraran farantan nan zubewa suke in ana kwashe su kullum. Naka mai kauri an yi shi ne don ya daɗe, kuma kaurin da ke sa ya daɗe shi ne ke sa ya ƙi saurin ja. Batir na litiyam kuwa k ɗinsa kusan 1 ne, Ah 200 ɗinsa kusan 200 ne ko a kan amfiya 60, sai dai ka duba iyakar amfiyar da na'urar kariyarsa ta yarda a ja kafin ka biya. Fara da auna bolt a kan batir da bakin inbata a daren Asabar mai zuwa, ana cikin wasa, fankoki shida na juyawa, ka turo min lambobin biyu.